Yadda Ake Tura Babban Bidiyo Daga Waya Zuwa Waya Ba Tare da Ƙona Data Ba

A ɗauka an gama biki a Kano. Mai ɗaukar hoto ya gyara bidiyon kamu da walima ya haɗe su wuri guda, tsawonsa minti 48, nauyinsa ya ɗan haura gigabayit 6, yana cikin wayarsa. Ƙanwar amarya tana son ta tafi da shi Zariya, motarsu kuma za ta tashi nan da rabin awa. WhatsApp ba zai yi ba, domin idan an tura a matsayin bidiyo yakan matse shi har fuskoki su dushe, idan kuma an tura a matsayin takarda ba ya karɓar abin da ya wuce gigabayit 2. Ko da zai karɓa, sai mai hoto ya ƙona gigabayit 6 wajen ɗorawa, ita ma ta ƙona 6 wajen saukewa, alhali wayoyin biyu suna kan tabarma ɗaya.

Wannan darasi zai bi wannan misali daga farko har ƙarshe: abin da ke haɗa wayoyin, lissafin lokacin da turawar za ta ci, matakan da ake bi, da yadda ake gane matsala idan ta auku.

Wi-Fi daban, intanet daban

Mutane da yawa sun ɗauka Wi-Fi wani suna ne na intanet. Ba haka ba ne. Wi-Fi hanya ce ta rediyo mai gajeren zango da na'urori ke magana da juna a kanta. Intanet kuwa wani abu ne da ake iya jonawa a ƙarshen wannan hanya, ana kuma iya ƙin jonawa. Kamar bututun ruwa ne a cikin gida: ko ba a haɗa shi da babban bututun gari ba, zai iya kai ruwa daga tankin sama zuwa madafa.

Kowace wayar zamani tana iya mayar da kanta ƙaramar tashar Wi-Fi, ɗayar kuma ta shiga. Da zarar sun haɗu, fayil yana tashi daga wannan ya faɗa waccan kai tsaye ta iska. Ba ya bi ta turken sabis, ba ya taɓa kamfanin layi, don haka babu wanda zai cire wa mutum ko kobo. Wayar da babu layi a cikinta ma tana iya yin wannan aiki.

Duk manhajojin da aka sani, Xender da SHAREit da XShare na wayoyin Tecno da Infinix da itel, har da Quick Share na Android da AirDrop na iPhone, a kan wannan tushe suke. Bambancinsu shi ne yadda suke ƙulla haɗin. Wasu suna kunna hotspot a waya ɗaya su sa ɗayar ta shiga. Wasu suna amfani da Wi-Fi Direct, inda wayoyin biyu ke daidaitawa da kansu kan wadda za ta zama tasha. Quick Share da AirDrop suna kunna Bluetooth, amma babban aikinsa a nan shi ne sallama: da shi wayoyin ke gano cewa suna kusa da juna, sannan su miƙa wa Wi-Fi ɗaukar kayan.

Lissafin lokaci kafin a fara

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne megabit da megabayit. Ana auna saurin hanya da megabit a daƙiƙa (a waya ana ganin Mbps), ana auna nauyin fayil da megabayit (MB). Megabit takwas ne ke yin megabayit ɗaya. Don haka duk lambar da aka gani da Mbps, sai a raba ta gida takwas kafin a kwatanta ta da nauyin fayil.

Da wannan ake gane dalilin nauyin bidiyon bikin. An fitar da shi a megabit 17 kowace daƙiƙa, wanda ba baƙon adadi ba ne ga bidiyon 1080p. Minti 48 daƙiƙa 2,880 ke nan.

```
17 x 2880 / 8 = 6120 MB
```

Wato gigabayit 6.1. Lokacin turawa kuma shi ne nauyin fayil a raba shi da saurin hanya. Ga yadda abin ke fitowa a hanyoyi uku.

Bluetooth a zahiri yana tura kusan kashi ɗaya cikin biyar na megabayit a daƙiƙa. Idan aka raba 6,120 da 0.2 za a samu daƙiƙa 30,600, wato awa takwas da rabi. Bluetooth na hoto ɗaya ne ko gajeriyar murya, bidiyon biki ya fi ƙarfinsa.

Wi-Fi yana da zango biyu da aka fi sani, 2.4 GHz da 5 GHz. Ƙaramar waya mai eriya ɗaya a zangon 2.4 GHz takan ƙulla haɗi a Mbps 72. A raba takwas, megabayit 9 ke nan a takarda. Amma kusan rabin wannan yana tafiya wajen jiran layi, da tabbatar da isar kowane guntu, da sake tura wanda ya lalace a iska. Abin da ke saura ba ya wuce megabayit 4 zuwa 5. A kan 5, bidiyon zai ci daƙiƙa 1,224, minti ashirin da 'yan kai.

A zangon 5 GHz, waya mai eriya ɗaya tana iya ƙulla haɗi a Mbps 433. A raba takwas ya zama 54, a cire rabi ya koma wajen 25. Bidiyon zai wuce cikin daƙiƙa 245, minti huɗu ke nan.

Ga wadda motarta za ta tashi nan da rabin awa, wannan lissafi ya nuna komai. A 5 GHz akwai sararin yin kuskure a sake. A 2.4 GHz dama ɗaya ce tak, idan ta katse a tsakiya shi ke nan. Saboda haka shirin da ake yi kafin danna turawa ya fi turawar kanta muhimmanci.

Shiri kafin turawa

Da farko a duba sarari a wayar mai karɓa. A shiga Settings, sannan Storage. Fayil mai gigabayit 6.1 yana bukatar fiye da 6.1, domin ita kanta wayar tana rubuce-rubucenta a bayan fage, kuma ma'adanar da ta kusa cika takan yi nawa wajen rubutu. A bar aƙalla gigabayit 8. Iphone kuwa gara a bar ninki biyu, domin sau da yawa fayil yana fara sauka a wuri ɗaya kafin a kwafe shi zuwa Photos.

Na biyu, a tabbatar asalin fayil ɗin za a tura. Waya ɗaya tana iya ɗauke da kwafi biyu na bidiyo guda: asalin da ke babban fayil na DCIM ko Download, da kwafin da WhatsApp ya matse. A gidan hotuna kamarsu ɗaya. Nauyi ne ke bambanta su. Bidiyon minti 48 da ya nuna megabayit 200 ba asali ba ne.

Na uku, a kashe Mobile data a wayoyin biyu, a kashe VPN idan akwai, a kashe Battery saver. Dalilin kowanne zai zo a gaba. A kuma tabbatar caji ya kai ko da kashi 40, musamman a wayar da za ta zama tasha, don ita ta fi shan batir da zafi.

Na huɗu, a ajiye wayoyin kusa da juna, taku ɗaya ko biyu, a inuwa. Zangon 5 GHz yana da sauri amma ba ya jure bango da nisa kamar 2.4 GHz. Jikin mutum ma yana tare shi, don haka kada mai karɓa ya sa waya a aljihu ya shiga cikin taro.

Idan duka biyun Android ne: Quick Share

Google ya fito da wannan tsari a 2020 da sunan Nearby Share, a farkon 2024 aka haɗe shi da na Samsung ya koma Quick Share. Yana cikin kusan kowace Android mai manhajojin Google, ba sai an sauke komai ba, babu talla.

Mai karɓa ya jawo labulen saman waya ya nemi Quick Share, ko ya rubuta sunan a wurin bincike na Settings. A wurin da ake zaɓar wanda zai iya ganin wayar, ya zaɓi Everyone. Wannan zaɓi yakan rufe kansa bayan minti goma, kuma hakan kariya ce, don kada baƙi su riƙa jefo wa mutum fayil a kasuwa. Zaɓin Contacts ya dogara da asusun Google da lambobin da aka riga aka daidaita ta intanet, shi ya sa yakan ba da wahala idan ba a taɓa shirya shi ba.

A cikin saitin Quick Share akwai maɓallin Use mobile data. A kashe shi. A tsofaffin wayoyi da har yanzu ke nuna Nearby Share, ana samunsa a ƙarƙashin Data, a zaɓi Without internet.

Mai turawa ya buɗe manhajar fayiloli, ya danne bidiyon, ya taɓa Share, ya zaɓi Quick Share. Bluetooth da Wi-Fi su kasance a kunne a wayoyin biyu, wasu wayoyin kuma za su nemi a kunna Location. Ba sai an shiga wata Wi-Fi ba, kunnawar kawai ake bukata. Sunan wayar mai karɓa zai bayyana, a taɓa shi. Wata gajeriyar lamba takan fito a fuskokin biyu, a duba ta yi daidai, sannan mai karɓa ya danna Accept. Fayil ɗin yana sauka a Download, galibi a cikin wani babban fayil mai suna Quick Share.

Raunin wannan hanya shi ne wayoyin ne ke zaɓar zango da kansu. Wani lokaci sukan fara a Bluetooth kafin su hau Wi-Fi, kuma idan hawan ya gagara sai su ci gaba da rarrafe. Ana gane haka cikin minti na farko. Fayil mai gigabayit 6.1, ko a zango mai nawa, ya kamata ya ci kashi 4 ko 5 cikin ɗari a minti ɗaya. Idan minti ya wuce bai kai kashi 1 ba, a Bluetooth yake. A soke, a kashe Wi-Fi a sake kunnawa a wayoyin biyu, a tabbatar babu wadda hotspot ɗinta ke kunne, a sake gwadawa. Idan ya maimaita, sai a koma hanya ta biyu.

Hanyar da mutum ke riƙe da linzami: hotspot da LocalSend

Wannan hanya tana aiki tsakanin kowace irin waya biyu, har da Android da iPhone, kuma mutum ne ke zaɓar zango da hannunsa. LocalSend manhaja ce ta kyauta wadda lambobinta ke buɗe ga kowa, babu talla, ba ta neman rajista. Sharaɗinta ɗaya: wayoyin biyu su kasance a kan Wi-Fi guda. Ana samar da wannan ta hotspot.

Android ce za ta zama tasha. Hotspot na iPhone ba ya kunnuwa sai data tana kunne, amma yawancin wayoyin Android suna kunna nasu ko da an kashe data. A shiga Settings, a nemi Hotspot, a buɗe saitinsa. Akwai wurin zaɓar zango, galibi da sunan AP band. A zaɓi 5 GHz, a sa kalmar sirri, a kunna. Idan babu zaɓin 5 GHz sam, wayar ba ta da shi. Idan an kunna amma waya ta biyu ba ta ga sunan hotspot ɗin a jerin Wi-Fi ba, to ita ce ba ta da shi, sai a mayar 2.4 GHz. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa 2.4 GHz kaɗai suke da shi, kuma babu manhajar da za ta ƙara musu abin da ba a ƙera su da shi ba.

A cikin saitin kuma a nemi maɓallin da ke kashe hotspot da kansa idan ba a amfani da shi, a kashe shi har a gama.

Waya ta biyu ta shiga wannan Wi-Fi. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wayar za ta leƙa ta ga babu intanet a kan hanyar, sai ta fito da saƙon cewa No internet access, ta tambaya ko a ci gaba da zama. A amsa da eh. Idan an yi watsi da saƙon kuma data tana kunne, wayar za ta iya sauka daga hotspot ɗin a ɓoye ta koma kan layi, daga nan wayoyin ba za su ga juna ba. A wayar Android, idan aka taɓa sunan Wi-Fi ɗin da aka shiga, za a ga Link speed. Lambar da ke wurin, 72 ko 433 ko wata, ita ce za a raba takwas a sake raba biyu a san abin da za a samu.

Sai a buɗe LocalSend a wayoyin biyu. Kowace waya tana samun wani laƙabi da manhajar ta raɗa mata. Mai karɓa ya tsaya a shafin Receive. Mai turawa ya shiga Send, ya taɓa File, ya zaɓi bidiyon, sannan ya taɓa laƙabin ɗayar wayar a ƙarƙashin Nearby devices. Mai karɓa ya danna Accept. A iPhone, karon farko za a nemi izinin Local Network. Dole a bayar, idan an hana manhajar ba za ta ga kowa ba. Wanda ya riga ya hana sai ya je Settings, Privacy & Security, Local Network, ya kunna mata.

Idan mai karɓa ba shi da manhajar fa, ga shi ba a son taɓa data? Akwai mafita. A shafin Send, cikin zaɓuɓɓukan yanayin turawa, akwai Share via link. Zai fito da adireshi mai kama da wannan:

```
http://192.168.43.1:53317
```

Lambobin farko adireshin wayar ne a kan hotspot, kuma suna canzawa daga waya zuwa waya, don haka a kwafi abin da fuskar ta nuna. Lambar 53317 ita ce ƙofar da LocalSend ke sauraro. Mai karɓa ya rubuta adireshin a Chrome ko Safari, mai turawa ya amince, sai jerin fayilolin ya bayyana a sauke. Duk da cewa burauza ake amfani da ita, ba intanet aka shiga ba. Adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba ya fita waje.

Tsakanin iPhone biyu kuwa AirDrop ya wadatar: mai karɓa ya sa Everyone for 10 Minutes, mai turawa ya taɓa Share ya zaɓe shi. Daga ƙarshen 2025 Google ya fara sa Quick Share yana magana da AirDrop, ya fara da wayoyin Pixel 10, amma wannan bai shafi galibin wayoyin da ke hannun jama'a ba.

Ta ina data ke zurarewa?

Akwai masu rantsuwa cewa tura fayil ta hotspot ya cinye musu data. Fayil ɗin bai ci ba, amma datar ta tafi da gaske, ta wata ƙofa.

Idan mai hotspot ya bar datarsa a kunne, wayar da ta shigo tana ganin ta samu Wi-Fi mai intanet. Nan take wasu ayyukan da aka ce su jira Wi-Fi suna iya farkawa: sabunta manhajoji, ɗora hotuna zuwa Google Photos ko iCloud, sauke bidiyoyin zaurukan WhatsApp. Cikin minti ashirin na turawa, baƙuwar waya tana iya shanye datar mai gida ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Manhajoji masu talla ma suna sauke tallarsu da datar idan sun same ta.

Ƙofa ta biyu tana cikin tsarin turawar kansa. Tun daga iOS 17.1, idan wayoyi suka yi nisa da juna ana tsakiyar AirDrop, turawar tana iya ci gaba ta intanet. Ana kashe wannan a Settings, General, AirDrop, maɓallin Use Cellular Data. Maɓallin Use mobile data na Quick Share ma irin ƙofar ce. Maganin duka guda ne: a kashe data a wayoyin biyu, abin da ba a kunna ba ba ya zuba.

Idan ya tsaya a hanya

A koma wurin bikin. Mai hoto ya kunna hotspot a 5 GHz, wayar ƙanwar amarya ta gani ta shiga, LocalSend yana nuna megabayit ashirin da wani abu a daƙiƙa. Minti uku ba su cika ba, a kashi 70 cikin ɗari, sai turawar ta faɗi. Aka sake. A kashi 70 ta sake faɗuwa.

Tsayawa a wuri ɗaya sau biyu alama ce babba. Matsalar iska ko zafi ba ta zaɓar wuri, yanzu ta katse a 30, an jima a 85. Abin da ke tsayawa a daidai lamba ɗaya iyaka ce aka buga. Kashi 70 na megabayit 6,120 ya kama 4,284, wato kusan gigabayit 4 a lissafin kwamfuta. Da aka duba, ƙanwar amarya ta saita manhajar ta riƙa ajiya a katin memori, katin kuma mai gigabayit 32 ne. Katunan da ba su wuce 32 ba suna zuwa da tsarin ajiya mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, ko da katin babu komai a cikinsa. Katunan 64 zuwa sama suna zuwa da exFAT, wanda ba shi da wannan iyaka. Filas ma haka take. Aka mayar da wurin ajiya zuwa cikin wayar, aka goge guntayen da suka rage daga gwaji biyun farko don su ba da sarari, aka sake turawa, ya wuce cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi.

Da a ce cikin wayar babu sarari, mafita ita ce a raba bidiyon gida biyu, kowane rabi ƙasa da gigabayit 4. Sake tsara katin zuwa exFAT yana goge duk abin da ke ciki, kuma ba kowace tsohuwar waya ke karanta shi ba, don haka ba aikin gaggawa ba ne.

Sauran matsalolin ma kowace da alamarta. Idan turawa ta mutu jim kaɗan bayan fuskar waya ta yi duhu, ko bayan an fita an shiga wata manhaja, tsarin tattalin batir ne ya kwantar da manhajar. Wayoyi da yawa suna da zafin hannu wajen kashe abin da ke aiki a baya, iPhone ma ba ta barin manhaja ta daɗe tana aiki idan an kulle ta. A ƙara lokacin Screen timeout, a bar manhajar a buɗe a wayoyin biyu, kada a amsa dogon kira har a gama.

Idan an fara da sauri sannan gudun ya riƙa raguwa, a taɓa bayan wayar. Waya idan ta yi zafi tana rage wa kanta ƙarfi don kare batir. A cire rigarta, a ɗauke ta daga rana, kada a haɗa mata caji mai sauri da hotspot lokaci guda idan ana iya kaucewa. Idan kuma gudun bai taɓa tashi ba tun farko kuma ana kan 2.4 GHz a cikin ɗakin taro, cunkoso ne. Hotspot na mutane da na'urorin Bluetooth duk a wannan zango suke turereniya. Fita harabar waje kaɗai yana iya ƙara sauri.

Idan wayoyin suna kan hotspot ɗaya amma LocalSend bai nuna ɗayar ba, a fara zargin VPN, domin yana karkatar da duk zirga-zirgar wayar zuwa wani rami da babu kowa a ƙarshensa. Bayan shi sai izinin Local Network a iPhone.

Tabbatar da cewa ya iso lafiya

Kada a rabu, kada kuma a goge asali, sai an duba. A buɗe bidiyon a wayar mai karɓa, a ja shi zuwa tsakiya, a ja zuwa minti na ƙarshe. Fayil ɗin MP4 yana da wani jadawali da ke gaya wa manhaja inda kowane hoto da sauti yake, kuma sau da yawa a ƙarshen fayil ake rubuta shi. Shi ya sa bidiyon da ya katse a kashi 95 kan ƙi buɗewa gaba ɗaya, ba wai ya yi wasa ya tsaya ba.

Sai a kwatanta nauyi a Details. Nan akwai abin lura: waya ɗaya tana iya nuna 6.12 GB, ɗayar ta nuna 5.70 GB, alhali fayil ɗin ɗaya ne. Wata manhajar tana ƙirga da 1,000, wata da 1,024. Idan ana nuna adadin bayit cikakke, shi za a kwatanta, dole ya zo ɗaya har lambar ƙarshe.

Wanda ke sana'a da bidiyo kuma yana son tabbaci na ƙarshe, akwai zanen yatsan fayil. A Termux, a kowace waya ta Android:

```
termux-setup-storage
sha256sum ~/storage/downloads/biki.mp4
```

Zai ɗan ɗauki lokaci ya fito da dogon layin haruffa da lambobi 64. Idan layin ya zo ɗaya a wayoyin biyu, ko bayit ɗaya bai canza ba.

Akwai kuma lokacin da nauyi ya yi daidai amma sauti ne kawai ke fita, fuska baƙa, ko hoton yana tsalle. Wannan ba laifin turawa ba ne, sake turawa ba zai gyara komai ba. An matse bidiyon ne da tsarin HEVC, wanda iPhone da sababbin Android ke ɗauka da shi don rage nauyi, tsofaffin wayoyi kuma ba duka ke iya warware shi ba. A gwada buɗe shi da VLC. Idan bidiyon 4K ne kuma wayar ƙarama ce, ko VLC zai yi ta sarƙewa, sai mai hoto ya fitar da wani kwafi a H.264 mai girman 1080p ko 720p. Mai sana'ar da ke raba bidiyo ga dangin amarya da na ango, masu wayoyi iri-iri, gara ya riƙa fitar da kwafi biyu tun a kwamfuta: babba na ajiya, da ƙarami na H.264 da bai kai gigabayit 4 ba, wanda zai shiga kowane kati ya kuma buɗe a kusan kowace waya.

Bayan an gama, a kashe hotspot tukuna, sannan a kunna data. Idan aka juya jerin, baƙuwar wayar da ke maƙale har yanzu za ta fara sha kafin a ankara. A kuma mayar da Quick Share daga Everyone idan bai koma da kansa ba.